Yatsun Goggo Mas'uda

Shekara talatin da huɗu Goggo Mas'uda, ƙanwar mahaifina, ta yi tana sayar da shadda a Kasuwar Kilomita Biyar, kuma ba ta taɓa duba tambarin yadi ba. Ido a rufe take murza shi tsakanin yatsu biyu, ta faɗa maka ko mai kyau ne ko jabu. Masu duba tambari kuwa, makafi masu ido take kiransu. Idan kaya suka iso daga Kamaru, har 'yan kasuwar Titin Koudoukou sukan kawo mata ta taɓa.

Sai ta fara haki. Ta ɗashe, yaji ya riƙa ƙona mata harshe. Kowa ya ce ƙarancin jini ne, aka yi ta gasa mata hanta. Ni Nuriyya sarkin dabara, sai na kai mata ragowar ƙwayoyin folik asid da aka ba ni a awon ciki. Suka karɓe ta, haki ya tafi, ta ci gaba da saye tana sha har shekara uku tana sa mini albarka. Da ta ce yatsunta na mata kamar tafiyar kiyashi, muka ce tsufa ne.

Sai ranar da ta taka daga unguwar Yakité har rumfarta da takalmi ƙafa ɗaya, ba ta sani ba, muka kai ta asibiti.

Bayan gwaji likita ya ce bitamin B12, wanda ake samu a hanta da nama, shi ne babu a jikinta. Goggo ta harare shi, ta ce hantar da ta ci ta kai ta garke guda. Ya ce akwai sinadarin da tumbi ke fitarwa, shi ke kama bitamin ɗin ya raka shi ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse shi. Idan babu shi, ɗan kaɗan ne ke shiga, sauran ya wuce. Nata kuwa, garkuwar jikinta ce ta lalata wurin da ke yin sa. Da Faransanci ya faɗi sunan, faktar antiransek.

Faktar ɗin da Goggo ta sani shi ne mai raba wasiƙu. Ta ce, "Wato ɗan aiken ne ya mutu, ni kuma ina ta zuba wasiƙa."

Babu wanda ya yi dariya, don likita ya riga ya ɗaga kwalin ƙwayoyin folik asid ɗin da muka zo da shi. Ya ce sun gyara jinin, sun ɓoye ciwon, jijiyoyi kuwa suna ta lalacewa. Allura za a riƙa yi mata har ƙarshen ranta. Yatsu dai bai yi alkawari ba, an makara. Har yau idan na tuna, kunya da baƙin ciki ke kama ni, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba.

Shekara guda ke nan ana allura. Tana tafiya da sanda, ta koma rumfa. Makon jiya Alhaji Muktar, tsohon abokin cinikinta, ya kawo mata shadda. Ta rufe ido ta daɗe tana murzawa. Sannan ta buɗe ido, ta juya yadin tana neman tambari.