Jan Tauraro a Gidan Farko

A bencin masu ziyara na gidan yari, wata mata tana zaune kusa da ni da kwanon abinci a cinya. Leɓɓanta a bushe suke. A kan murfin kwanon ta shimfiɗa takarda mai da'ira da aka yanka gida goma sha biyu: taswirar taurari, wadda ake fitarwa daga rana da sa'a da wurin haihuwar mutum. Ina jin ta ɗanta ce da ke tsare a ciki.

Farcenta yana kan gidan farko, gidan hali, inda Marrihu, jan tauraron nan, ya zauna.

Dattijon da ya rako ta yana jan carbi. "Ke, duba ne wannan. Gaibu sai Allah."

"Ba gobe nake tambaya ba, Yaya. Mai karatun taswirar ya ce saurin fushi kawai tauraron yake nunawa. Ƙarfin zuciya ma haka yake fitowa. Bai ce yaron zai ɗauki wuƙa ba."

"Kin ma san sa'ar da kika haihu?"

"Bayan azahar dai."

"To shi mai karatun ya ce miki sa'a biyu tana sauya gidajen kakaf."

Ta mayar da ido kan takardar. Ina zaton hukunci ta je nema wurin mai karatun aka hana ta. Da an ce ƙaddara ce, da ta samu barci. Amma hali ana iya gyara shi, kuma a hannunta yaron ya tashi.

Gandiroba yana kiran lamba. Ta ninke takardar, ta yi amfani da ita ta goge miyar da ta zubo daga kwanon.