Katin Yarinya

Malama Adama ta daɗe tana riƙe da aji biyu a wata firamare da ke Gazara. Mace ce marar yawan magana, amma Allah ya ba ta hannun zane. Kwalayen sabulu take roƙa a wurin masu kanti, ta yanka, ta zana abu ɗaya a fuskar kati, a bayansa kuma ta zana da yawa. Da su take koyar da tilo da jam'i.

Sai ta ɗaga kati, yara su ce, "Wannan akuya ce." Ta juya shi, su ce, "Waɗannan awaki ne." Jaki, jakuna. Kujera, kujeru. Takan ja kunnensu cewa "ce" ta mace ɗaya ce, da an yi yawa sai "ne".

A ajin akwai tagwaye, Hassana da Usaina. Su ta kalla ta zana katin yarinya: ɗaya a gaba, biyu a baya, har da 'yar wushiryarsu.

A hutun rabin zango, da damina, zazzaɓi ya kama Usaina, ta rasu.

Da aka koma makaranta, Hassana ta zauna a gefen benci, ta bar wuri kusa da ita. Malama na bin katunan ɗaya bayan ɗaya, ba ta ankara ba sai ga na yarinya a hannunta, kuma layi ya zo kan Hassana.

"Waɗannan 'yan mata ne," in ji Hassana.

Malama ta ƙara ɗaga fuskar katin mai yarinya ɗaya.

"Duba da kyau, 'yata. Guda nawa kika gani?"

"Biyu ne, Malama. Ɗayar tana bayanta."

Malama ta san akwai zanen biyu a bayan katin, amma idon yarinyar ba a kan katin yake ba.

Da la'asar ta je gidan su Hassana, ta gaisa da mahaifiyar, Hajo, ta sake yi mata ta'aziyya.

"Haka take a gida ma," in ji Hajo. "'Mun ci, mun ƙoshi, za mu kwanta.' Na kasa hana ta, Malama."

Malama ma ba ta hana ta ba. Duk ranar da aka zo kan katin, Hassana ta faɗi nata, a wuce.

Ana gab da jarrabawa, wata safiya, Malama ta ɗaga katin. Hassana ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan yarinya ce," ta faɗa a hankali, ta matsa tsakiyar benci.

Yara suka ɗaga hannu za su tafa, kamar yadda aka saba in an ba da amsa daidai. Malama ta girgiza musu kai.

Bara aka mayar da ita Makarfi. Har yanzu tana koyarwa da awaki da jakuna, amma ba ta ƙara zana fuskar ɗan kowa ba.