Wuyan Azariya

Azariya direba ne, ya tsufa yana jigilar citta daga Kwoi zuwa Kafanchan, kuma babu abin da yake taƙama da shi kamar kaurin wuyansa. A wurinsa shaida ce cewa Ubangiji ya yi masa albarka. Minsharinsa kuwa, matarsa Tamar ta gaji da gaya masa cewa numfashinsa yakan tsaya cak cikin barci, sai ya farka da shaƙewa.

Wata Lahadi bayan sujada, ma'aikatan lafiya suka zo ikilisiyarsu gwajin kyauta. Bernice, 'yar ƙanensa wadda take aikin nas, ta zagaya wuyansa da tef ɗin awo, daidai ƙasan maƙogwaro.

Ta ce, "Baba, inci goma sha takwas ne. Wuyan namiji in ya kai inci sha bakwai, alama ce ta ƙiba, kuma kitsen yana iya toshe hanyar iska in an kwanta. Awo kaɗai ba ya tabbatar da ciwon, amma ku je asibiti a duba barcinku. Kuna gyangyaɗi da rana?"

Ya fizge tef ɗin ya yar. "Akuya ake sa wa igiya a wuya. A gaban dattawa za ki auna ni?"

Da kaka, tsakar rana, barci ya sace shi a kan sitiyari, motar ta gangara rami. Ya fito da karayar hannu.

Har yau ba ya amsa gaisuwar Bernice. Ya ce bakinta ne ya kama shi.