Ƙarfe Shida a Ɗakin Mai Farashi

Mutumin nan bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Ko ruwan shayi aka ɗora sai ya buɗe murfin butar ya leƙa, kamar ba zai tafasa ba sai da izininsa. Shekarunsa na aiki a ofishin sufuri ya ƙare su, yana bin direbobi da agogo a hannu. Da ya yi ritaya, shi da tsofaffin abokan aikinsa suka kafa 'yar ƙungiya suna sayen hannun jari, aka ɗora masa aikin rubuta farashin da kasuwa ta tashi a kai kowace yamma. Daga nan sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Farashi. Kuma wallahi yana son sunan nan fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Ya ga takwas ya rubuta uku, ya tsallake layi bai sani ba. A taron wata shugaban ƙungiya ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya fito fili: in jadawalin wata mai zuwa bai zo cikakke ba, za a miƙa aikin ga wani. Mai Farashi ya dawo gida ransa a ɓace, ko abinci bai taɓa ba.

Autarsa, wadda ke aikin kwamfuta a wani gari, ta zo hutu ta tarar da shi haka. Ta zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ke kan teburin falo ta rubuta masa wani ɗan shiri, ta saita kwamfutar ta riƙa tayar da shi da kanta ƙarfe shida, lokacin da kasuwa ta tashi kuma farashin ranar ya fito. Ta yi masa bayani dalla-dalla: shirin zai duba ranar ƙarshe da ke cikin jadawalin, ya shiga intanet wurin masu ba da farashi, ya karɓo na kowane kamfani daga wannan ranar zuwa yau, ya jera kowace rana a layinta, ya adana fayil ɗin. Ranar da kasuwa ba ta ci ba, babu sabon layi. Abin da take so kawai, a bar kwamfutar a kunne da intanet.

Muddin tana gidan, lafiya lau. Da yamma takan ja shi hira a waje, in suka shigo su tarar layi ya sauka. Tana tafiya abu ya tsaya cak.

To, ga yadda yammacinsa ya koma. Tun rana da sauran ƙarfi zai goge tabarau, ya ja kujera, ya buɗe jadawalin, ya ƙura wa layin ƙarshe ido don ya ga saukar sabon da idonsa. Shida ta yi, wata 'yar baƙar taga ta ƙyafta a allon ta ɓace, shi ke nan. Ba layi. Ya miƙe, ya taɓa wayar wuta, ya kashe na'urar intanet ya kunna, ya zagaya teburin, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa. Matarsa ta ce in dai zagaye ke kawo farashi, da tuni gidan ya cika da shi. Ya ce ta bar shi da abin da ya dame shi. Sai ya gaji don kansa ya rufe jadawalin, gobe kuma a sake.

Wata rana layin asibitin ido ya riƙe shi har bayan faɗuwar rana. Ya dawo ya buɗe, sai ga duk kwanakin da suka ɓace a jere, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Murna har kunne. Washegari ya zauna tun da wuri don ya tarbi na ranar, kuma ba a ga komai ba. Haka jibi, haka gata.

Nan ya yanke hukuncin cewa abin Auta ne bai da tabbas. Kiran ta kuwa ya ƙi, don kada ta ce tsufa ya kama shi. Ya gwada komawa kwafa da hannu daga wayarsa, lambobin suka yi ta rawa a idonsa har ya kife wayar. Tsoro ya shige shi sosai. Ba kuɗi yake ji ba, ƙungiyar ba ta biyan sa ko sisi. Yana tsoron ranar da zai shiga taro ya zauna a kujerar baya, a kira wani da sunan nan nasa.

Ana jibi taro matar ta gaji. Ta kira Auta a gabansa, ta buɗe muryar wayar, ta zayyana mata komai: ubanki ya hana kansa sukuni ya hana ni, kullum ya buɗe abin nan ya tasa shi gaba kamar mai gadi.

Auta ta ce, "Baba, in shida ta yi, jadawalin a buɗe yake?"

"To in ban buɗe ba ta ina zan ga ya shigo?"

Ya ji tana danne dariya, abin ya ƙara ƙona masa rai. Ta ce shirin yana tashi kullum, yana karɓo farashin daidai, amma in ya zo adanawa sai ya tarar fayil ɗin a hannun wani. Muddin jadawalin na buɗe a allo, manhajar da ta buɗe shi tana kulle shi, ba ta barin wani shiri ya rubuta a ciki. Sai shirin ya haƙura ya fita. Ranar asibiti babu wanda ya buɗe, shi ya sa ya cike giɓin duka. Ta ce laifinta ne da ba ta faɗa masa ba, in ta zo za ta gyara, amma yau dai ya rufe.

"Wato ni ne na tare hanya," in ji shi.

"Rufewa kawai za ka yi, Baba. Ka ɗan fita ka sha iska."

Da yamma ya rufe jadawalin, hannunsa na kan linzamin kwamfutar ya kasa ɗagawa, sai da matar ta miƙo masa takalmansa. Suka fita. Bai ga komai a titin ba, agogo kawai yake dubawa. A bakin shagon mai gyaran keke ya juya zai koma, ta riƙe masa hannun riga, ta ce ko minti biyar a ƙara. Da suka shigo ya buɗe: layuka cike har na yau, tsaf.

A taron, shugaba ya bi takardun da ya buga da yatsa, ya ce tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa kawo aiki mai tsabta haka ba, Mai Farashi na nan a kujerarsa. Aka tafa masa. Ya yi godiya, ya yi murmushi, amma yabon ya yi masa zafi, don ya san aikin bai yi kyau ba sai ranar da ya tashi daga wurin.

Da Auta ta kira ta ce za ta iya sauya shirin ya riƙa adanawa a wani fayil dabam, don ya buɗe nasa yadda yake so, cewa ya yi ta bar shi haka, yana aiki.

Yanzu in shida ta kusa za ka gan shi a ƙofar gida, hannu a baya, ya je bakin titi ya dawo, ya je ya dawo. Maƙwabta kan ce, Mai Farashi, ana kan aiki? Sai ya dubi tagar falon, ya ce eh, ana yi.