Inda Aka Tsayar da Isiyaku Wanzam

Katanga ɗaya ce tsakanina da Yaya Tambaya, ita ma katangar ta zube ta gefen madafa, don haka babu tarin da za ta yi ban ji ba. Duk wanda ya san kasuwar Kura ta wancan lokaci ya san ta: doguwar mace mai kaushin hannu, mai tallan kauɗar tumatir, wadda ba ta yayyafa wa kauɗarta ruwa don ta yi nauyi, ba ta kuma yi wa kowa ragi ko da surukinta ne. Ba ta da daɗin baki, wannan ba zan ɓoye ba. Ni kaina mun sha yin kwanaki ba ma gaisawa a kan kaza.

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, ta dawo gidan ubanta, Malam Sada. Da tsohon ya ga ƙarfinsa ya fara tafiya, sai ya yi abin da iyayenmu ke yi idan za su ba da kyautar gona. Ba a rubutu. Mutum zai ɗebi shaidu ne ya je gonar da ƙafarsa, ya tsaya, ya nuna. Malam Sada ya tafi da liman da kuma amininsa Isiyaku wanzam, ya tsaya a gindin wata ɗorawa da ke tsakiyar gonarsa, ya fuskanci gabas, ya ɗaga sanda ya ce, "Daga nan zuwa can, na wannan ne." Ya dafa kan Tambaya. Shi ke nan magana ta ƙare, don kowa ya ga inda ƙafarsa take, ya ga inda sandar ta nuna.

Da ya rasu aka zo rabon gado, Tambaya ta ce ta yafe wa ƙaninta Lukmanu sauran gonar, nata ya ishe ta. Mutane suka yi ta sa mata albarka. Ni a ranar na ce mata ta yi wauta, ta ce in kula da tukunyata.

Sai aikin ruwa ya iso mana. Ruwan madatsar Tiga da muke jin labarinsa a Kadawa ya zo ƙauyenmu da katafiloli. Suka tumɓuke ɗorawa da kuka da gamban da ke kan iyakoki, suka baje tudu suka cike kwari, gari ya waye gonaki sun koma kamar faifai. Makabarta kaɗai suka kewaye. Da aka gama haƙa kanal, wato babbar hanyar ruwan, ma'aikata suka mayar wa kowane gida filinsa a dunƙule, da sunan namijin gidan. Na gidan Malam Sada ya fito da sunan Lukmanu. Kan filin na sama yana jikin kanal, jar ƙasa mai kyau. Ƙarshensa kuwa ya gangara zuwa magudana, inda ruwa ke kwanciya, kanwa ta taso fari fat.

Tambaya ba ta yi wata-wata ba ta kama na sama, domin ta san ɗorawar tana daidai saitin kusurwar makabarta, kuma gabas da ita nan ne bakin kanal. Rani biyu ta yi tana noma shi da 'ya'yanta. Na ga tumatirin da ta fitar, har masu motar Legas suna tsayawa a kanta. A nan ne idon Lukmanu ya buɗe.

Lukmanu mutum ne mai sanyin murya, irin waɗanda ke gaishe ka har sai ka ji kunya. A lokacin shi ke raba takin zamani a ƙauyen, shi ke cewa gonar wa tarakta za ta fara shiga. Bai yi faɗa da yayarsa ba. Gaban dagaci ya je ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban musa kyautar Baba ba, Allah ya kiyaye. So nake dai a tabbatar wa Yaya wurinta, kada 'ya'yanmu su yi rigima bayanmu. Liman ya rasu, amma Baba Isiyaku yana da rai. A kai shi ya nuna."

Abin da kowa ya sani shi ne, yanar ido ta makantar da Isiyaku tun kafin zuwan katafila. Bai taɓa ganin kanal ba. A cikin kansa ɗorawar tana nan tsaye da inuwarta. Amma kunnensa da ƙwaƙwalwarsa garau suke, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa sauya maganar wani ba ko da harafi ɗaya. Tambaya ce ke aika masa tuwo tun da matarsa ta rasu, saboda haka da ta ji shi ne shaida har guɗa ta yi a tsakar gida.

Ni ban je ba, muna cikin kulle. Abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, na kuma ji daga bakin maigidana, wanda ya kasa haɗa ido da ni yana ba ni labarin.

Da hantsi Lukmanu ya je da kansa ya ɗauko tsohon, ya riƙe masa kan sanda, yana ta "A hankali, Baba, ga kunya, ɗaga ƙafa." Ya bi da shi ta bayan gonakin alkama, ya yi ta zagaye da shi har tsohon ya daina sanin ina rana take. Ya kai shi can gangare, ya tsayar da shi a kan wani busasshen wuri dab da kanwar, ya juya kafaɗunsa suka fuskanci magudana. Dagaci da mutanensa suka biyo su suka tsaya.

Isiyaku ya ce, "Mun iso gindin ɗorawar?"

Lukmanu ya ce, "Mun iso inda za ka yi shaida, Baba."

Tambaya ta taho da gudu daga bakin kanal, zani a hannu, tana cewa, "Ba nan ba ne! Baba, ba nan ba ne, can sama ne!"

Tsohon ya juya kai yana neman muryarta. Da ta ce can, hannu ta miƙa, shi kuwa hannun ne ba ya gani. Wani dogarin dagaci ya daka mata tsawa, ya ce mace ba ta katse shaida. Isiyaku ma ya yi murmushi ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar Sada. Abin da ubanki ya faɗa ba zan rage ko ɗaya ba."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sandarsa kamar yadda amininsa ya ɗaga, ya ce, "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, Malam Sada ya ce: daga nan zuwa can, na wannan ne. Tambaya yake nufi, kanta ya dafa." Sandar ta nuna magudana.

Kalmomin Malam Sada ne, babu ƙari babu ragi. Amma kalmar "nan" ba ta da mazauni, inda ƙafar mai magana take nan take, "can" kuma tana bin bakin sanda. A bakin Malam Sada sun ba ta jar ƙasa, a bakin Isiyaku sun ba ta kanwa. Maza fiye da goma ne a wurin, duk an haife su a ƙauyen, duk sun sha kalwar ɗorawar nan a miya. Kusurwar makabarta tana bayansu, juyawa kawai za su yi. Babu wanda ya juya, domin lokacin rabon taki ya kusa.

Dagaci ya ce, "To, kun ji. Nan ya ce, nan muka gani." Aka kafa turaku, aka shafa fatiha.

Har yau idan na tuna abin da ya biyo baya raina ɓaci yake. Da yamma Isiyaku ya sa aka kawo shi ƙofar gidanta, yana fara'a, ya ce, "'Yar Sada, na fita haƙƙinki ko? Yau zan yi barci." Ina jin su ta katanga. Ta tashi ta shiga madafa. Tuwon ma ta ba shi, ya ci ya yi hamdala. Ƙauye guda aka haɗa baki aka bar shi da farin cikinsa.

Ta gwada noman gangaren. Ta dasa tumatir ya ƙone tun yana ƙarami, ta zuba alkama ta fito tsilli-tsilli ta yi ja. Daga nan ta koma bin gonakin mutane, tana tsintar ruɓaɓɓen tumatir da masu kwando suka zubar, tana yankawa tana shanyawa a bakin titi. Asalin kauɗar da aka san ta da ita ke nan, kuma a kanta ta tsufa. Lukmanu kuwa duk sallah sai ya aiko mata da turmin atamfa, ita kuma ta mayar.

Ranar da alkamar ta mutu ne haƙurinta ya ƙare. Ta je ta kama sandar Isiyaku ba ko sallama, ta ja shi har gangaren, ta ce ya cire takalmi. Ya taka, ƙafarsa ta nutse a laka mai sanyi. Ta ɗebo farar ƙasar ta sa masa a tafin hannu ta ce ya ɗanɗana. Ya kai bakinsa, ya tofar.

Ya ce, "Ina ne nan?"

Ta ce, "Inda ka ba ni ne, Baba."

Tsohon ya goge tafin hannunsa a riga. Sannan ya ce ta kai shi gidan dagaci yanzu-yanzu.

Suka tarar da fada a cike, Lukmanu ma yana zaune a gefe. Isiyaku bai ko zauna ba ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo in warware shaidata. Inda na tsaya ran nan ba nan Malam Sada ya tsaya ba. A ƙarƙashin ɗorawa ƙasa ja ce, na sha zama a kanta ina yi masa aski."

Dagaci ya ce, "Ka ga wurin ne yau?"

"Ban gani ba, na taka."

"Wa ya kai ka?"

"Tambaya."

Dagaci ya dubi jama'a ya ce, "To ka ji. Ran nan Lukmanu ya ja ka, ka ce nan ne. Yau Tambaya ta ja ka, ka ce ba nan ba ne. Gobe idan na ja ka kasuwa, can ma sai ka raba mana ita. Wanda nan ɗinsa ke hannun mai riƙe masa sanda, ai ba a sake zama don shi." Fada ta kwashe da dariya, har da waɗanda ya yi wa kaciya da hannunsa.

Tambaya ta saki sandar. Ba ta zagi kowa ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan da na ji. Ta gyara mayafinta ta fice, ba ta waiwayi tsohon ba, kuma daga ranar tuwonta bai sake zuwa gidansa ba. Na ce mata shi ma zaluntarsa aka yi. Ta ce ta sani, amma hannunta ya ƙi.

Aka watse aka bar shi tsaye a tsakiyar zaure, yana miƙa sanda gaba ko wani zai kama. Yana jin takun mutane suna ratsa shi ta dama da hagu. Can sai ya ji an riƙe kan sandar a hankali.

"Taho in kai ka gida, Baba," in ji Lukmanu. "Ta nan."

Ya ɗan tsaya. Sannan ya bi shi.