Ramin Matakalar Malam Barau

Shekara talatin Malam Barau yana gini a Faskari, bai taɓa ɗora bene ba sai da Alhaji Yusha'u, dillalin masara, ya ba shi aikin shagunansa. Zanen da ake kallo ta sama yana gane shi sarai. Amma wanda ake yanka gini daga rufi har tushe, layuka ne kawai a idonsa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ranar zubin dekin, wato rufin kankaren da benen zai hau kai, an ɗaure rodi, leburori sun fara kwaɓa kankare, sai ga Bilkisu, wadda ta zana ginin, ta iso daga Ƙanƙara da wani hoto. Daga wancan zanen na yanka ta fitar da shi a kwamfuta, don Alhaji ya ga yadda cikin gininsa zai kasance. An yanka ginin kamar kabewa: ga daɓen ƙasa, ga kaurin dekin, ga matakala taki ashirin, da surar mutum tsaye a taki na bakwai, sama da kansa fili.

Malam Barau ya daɗe yana kallo. A hoton, dekin ya tsaya ne a kan wani bim, wato gungumen kankaren da ke tallafe shi, daidai saman taki na huɗu. Shi kuwa ya sa an shimfiɗa katakon da za a zuba dekin a kai har saman taki na tara.

Alhaji ya ce, "Malam, a fara zubawa mana, rana na yi."

In Malam Barau ya yi shiru, sai kankare ya bushe kafin kowa ya lura. Ya dubi lebura na farko da ya ɗoro kwano a ka.

"Sauke," in ji shi. Ya juya wajen Bilkisu. "'Yata, wannan zanen naku na yanka ban iya karanta shi ba. Ban taɓa iyawa ba. Ina jin na toshe ramin matakala."

Bilkisu ta buɗe ainihin zanen, ta ce, "Baba, ba a awo a hoto, a nan lambobin suke." Suka ja tef ɗin awo daga taki na tara zuwa katako: mita ɗaya da rabi. Zanen ya ce kada ya gaza mita biyu.

Alhaji ya ce, "Wato da goshi za a riƙa hawa benena?" Bai jira amsa ba ya shiga mota.

Kwana uku suka yi suna kwance rodi da katako, kwaɓin farko kuma ya tafi a daɓe. Alhaji bai kore shi ba, amma gininsa na garin Sabuwa wani ya ba. Tun daga lokacin, duk Asabar Malam Barau kan hau mota zuwa Ƙanƙara, ya zauna gefen teburin Bilkisu da fensir a hannu.