Jinin da Na Kasa Ba Yayata

Ni dai Allah ya yi ni da cika baki. Ranar da likita ya ce za a yi wa yayata aikin cire ƙari a mahaifa, amma sai dangi sun ba da jini an ajiye tukuna, tun bai rufe baki ba na daki ƙirji. Na ce kada wanda ya wahalar da kansa, jinina ya isa. Matar da ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta aurar da ni da cinikin dankali, ita za a tsaya nema wa jini a waje? Ƙaninmu da ke Lafiya ya ce zai zo, na ce ya yi zamansa. Matan zumunta na cocinmu suka ce za su yi sanarwa, na ce su bari, abin bai kai nan ba.

Alhali na daɗe ba ni da ƙwari. Ɗan tudun nan na Anguwan Rukuba da nake haurawa da kwandon tumatir a ka, ya koma sai na tsaya ina haki, zuciyata na bugawa har cikin kunne. A zumunta ni ke ba da waƙa, amma numfashi ya riƙa yanke mini a tsakiyar baiti, sai in wayance da tari. Matan kasuwa kuwa tsiya suka samu.

"Madam, wane mai kike shafawa? Kin yi fari fa!"

In yi dariya, har da jin daɗi. Ga cin ƙanƙara: cikin sanyin Jos, mutane na rungume da kofin shayi, ni ina gurgurar ƙanƙara kamar gyaɗa. Al'adata kuma takan wuce mako, da guda-guda, sai na haɗa audugar mata da tsumma. Ban taɓa ɗaukar wannan ciwo ba, don tun ina budurwa Yaya ta ce haka matan gidanmu suke.

Ana jibi aiki na je wurin ba da jini, na miƙa hannu da ƙarfin hali. Ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta soki yatsana ta gwada. Ta dubi sakamakon, ta dube ni, ta jawo fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna.

"Ƙanwata, da ƙafarki kika zo nan?"

Na ce, "To a ka zan zo?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, ko cokali ba za ta ɗiba ba. Ta tambayi yadda al'adata take, na faɗa mata ina sunkuyar da kai. Ta ce duk wata ina zubar da sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, fiye da abin da abinci ke mayarwa, shi ya sa gajiya da haki da farin nan. Har cin ƙanƙarar, ta ce, alama ce. Ta tura ni wurin likita.

Wayyo, kunya! Na roƙe ta har da hawaye ta ɗebi jinin haka nan, ta ƙi. Na fito na buga wa ƙaninmu waya, ya ce oga ya aike shi Kudu da mota. Kafin a tara matan zumunta a gwada su, ranar ta wuce. Aka ba wata majinyaciya gurbin Yaya, aka ɗage aikin Yaya zuwa wani watan. Watan nan guda a kan idona ta yi shi, tana zubar da jini, tana dafa bango kafin ta kai banɗaki. Ni na kori masu taimako da bakina, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ni ma aka sa ni a magani: na rage zubar, da ƙwayar ƙarin jini ta watanni, wadda aka ce kada in haɗa da shayi, gara in kora da lemon zaƙi. A ƙarshe ɗan wani maƙwabcinmu Inyamuri mai shagon kayan gyaran mota da wata 'yar zumunta suka ba da jinin, aka yi aikin lafiya.

Da aka yarda Yaya ta fara cin abinci, na kai mata farfesun hanta a asibiti. Na zauna a bakin gadon na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Ni na ja miki."

Ta ɗaga hannun da ke da allurar ƙarin ruwa, ta jawo fatar idona ƙasa kamar yadda ma'aikaciyar nan ta yi. Ta daɗe tana kallo.

"Ni na ce miki haka matan gidanmu suke," in ji ta.

Ta turo kwanon gabana. Na ce nata ne, ta ce ba za ta taɓa ba sai na ci rabi. Haka na zauna a ɗakin marasa lafiya, matan sauran gadaje na kallona, ina cin abincin majinyaciya ina kuka.